Kafin Ka Sa Hannu a Takardar Aikin Ƙungiyar Agaji, Duba Wa Ya Ɗauke Ka

Tun daga 2021 da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta fara jinyar yara masu tamowa a Katsina, sannan ALIMA da Save the Children da UNICEF da wasu suka faɗaɗa ayyukansu a jihar, aikin ƙungiyoyin agaji ya zama abin da kowane matashi mai digiri ke sa wa ido. Ka zauna a majalisa a Ƙofar Ƙaura ko Layout, da wuya a tashi ba a ce wane ya samu "aikin Turawa" ba. Farar mota, riga mai tambari, kati a wuya. Ni ban ga laifin kwaɗayin ba, aikin yana da albarka kuma ana koyon abu. Damuwata ita ce yawancin ƙannenmu adadin kuɗin wata kawai suke dubawa, ba sa karanta irin kwantiragin da aka ba su. Mutum biyar za su iya fitowa daga mota ɗaya da riga iri ɗaya, amma a takarda babu biyun da matsayinsu ya zo ɗaya.

Maganar neman aikin ba ta da tsawo. Guraben na fitowa a ReliefWeb, da MyJobMag, da shafukan ƙungiyoyin kansu. Na Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa kowace hukuma da shafinta, na 'yan sa-kai yana unv.org. Ba a biyan ko sisi don cike fom ko shiga intabiyu, duk wanda ya ce ka turo kuɗin rajista ɗan damfara ne, ko da tambarin wa ya liƙa. Kuma galibi ba daga sama ake faɗowa ba: mutum kan fara da tattara bayanai na 'yan makonni, ko aiki da ƙaramar ƙungiyar gida da ke karɓar tallafi daga manyan, daga nan sunansa ya shiga hannu. Jin Hausa da sanin ƙauyukan Mashi, Kaita ko Jibiya jari ne na gaske, a rubuta shi a takardar neman aiki.

Inda ake faɗawa rami shi ne bayan an ce ka ci.

Tambayar farko: sunan wa ke saman takardar, kuma wa ya sa hannu? Akwai wanda ƙungiyar ce da kanta ta ɗauke shi ma'aikaci. Akwai wanda wani kamfanin samar da ma'aikata ne ya ɗauke shi ya tura shi can, to komai daɗewarsa a ofishin, kamfanin ne ubangidansa, can zai kai kukan albashi ko na sallama. Akwai ma'aikacin lafiya na gwamnatin jiha da ake ba alawus na ƙarin ƙwazo saboda yana aiki a cibiyar da ƙungiya ke tallafawa. Wannan har gobe na ma'aikatar lafiya ne, ranar da tallafi ya tsaya alawus ya tsaya. Sai ɗan aikin yini, wanda ake kira idan an buƙace shi a biya shi kwanakin da ya yi. Duk za su ce maka a ƙungiya kaza suke aiki, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Bambancin da ya fi rikita mutane shi ne tsakanin ma'aikaci mai wa'adi, wanda za ka ga an rubuta Fixed-Term a tallar gurbin, da wanda aka rubuta Consultant, wato kwansaltan, ƙwararren da ake ɗauka haya don wani aiki takamaimai. Bari mu ɗauki misali mu yi lissafi, alƙaluman nawa ne don a gane, ba albashin wata ƙungiya ba ne.

Mu ce wata ƙanwarmu da ta karanci harkar abinci mai gina jiki ta samu tayi biyu a mako ɗaya. Na farko kwansaltan, wata 6, naira 600,000 duk wata. Na biyu ma'aikaciya, shekara ɗaya, naira 450,000 duk wata. Duk wanda ta tambaya a gida zai ce ta ɗauki na farko, tunda tazarar 150,000 ba wasa ba ce.

To, a na farko za a cire kashi 5 cikin 100 na haraji tun kafin kuɗin ya iso ta, saura 570,000. A wata 6 ta tashi da 3,420,000, shi ke nan. Babu fansho. Galibi babu inshorar asibiti, babu hutun shekara mai albashi, babu hutun haihuwa. Sau da yawa ma kuɗin ba na wata ba ne a zahiri, an ɗaure shi da kwanakin aiki ko da rahoton da za ta miƙa a amince da shi. Zazzaɓi ya kwantar da ita kwana 5, an zaftare kwana 5. Mai duba rahoton ya tafi hutu, kuɗinta ya jira shi.

A na biyu, dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 daga albashinta, mai aikin ya ɗora kashi 10 daga aljihunsa. Idan muka ɗauka dukan albashin ake lissafawa, 36,000 ke fita daga nata, ƙungiya ta ƙara 45,000, wato 81,000 ke shiga asusunta na fansho kowane wata, 972,000 a shekara. Abin da ya rage mata 414,000 ne kafin harajin albashi. A ido ya yi ƙasa sosai, amma fa wata 12 za ta karɓa, wato 4,968,000 kafin haraji, ga kusan miliyan ɗaya a ajiye. Wannan ajiyar ba sai ta tsufa kaɗai za ta amfane ta ba: wanda bai kai shekara 50 ba, idan ya rasa aiki ya yi wata 4 bai samu wani ba, doka ta ba shi damar cire kashi 25 na abin da ya tara.

Akwai wani abu da ba ma son ambata, amma a jiharmu dole a faɗe shi. Wannan doka ta wajabta wa mai aiki ya yi wa ma'aikacinsa inshorar rai ta aƙalla ninki uku na albashin shekara. A misalinmu naira miliyan 16.2 ke nan ga magada, idan ta Allah ta kasance. Wanda zai riƙa bin hanyar Jibiya ko Batsari da sunan aiki, ya san halin da hanyoyin nan suka shiga a shekarun nan. Allah ya tsare, amma idan wani abu ya faru, ma'aikaciya tana da takardar da iyalinta za su riƙe. Kwansaltan kuwa sai abin da aka rubuta masa, kuma wani lokacin abin da aka rubuta shi ne inshora tana wuyansa. Na taɓa ganin wannan layin a shafi na huɗu na wata takarda, da ƙananan haruffa, a ƙarƙashin sharaɗin mayar da kwamfuta. Mai takardar ya riga ya sa hannu, bai ma san da shi ba.

Ba cewa nake aikin kwansaltan ba shi da kyau ba. Ga malamin jami'a mai albashinsa da fanshonsa, ko ƙwararren da ke haɗa ayyuka uku a shekara, riba ce tsantsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kira mutum kwansaltan alhali yana zuwa ofis ƙarfe takwas, yana sa hannu a rajista, yana neman izini kafin ya je jana'iza, ana sabunta masa takarda wata uku-uku har shekara biyu. Wannan ma'aikaci ne da aka cire wa haƙƙoƙinsa. In har za ka karɓa, to ka yi ciniki yadda kuɗin zai ɗauki fanshonka da asibitinka da watannin zaman jira.

Tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma duniyarsa daban. Cikakkun ma'aikatanta kashi uku ne: na wucin gadi, wanda bai kai shekara ba, shi ya sa za ka ga an rubuta kwana 364; sai mai wa'adi, daga shekara ɗaya zuwa biyar; sai kuma mai ɗorewa. 'Yan ƙasa kan shiga a matakin G, na masu tallafa wa aikin ofis, ko NO, na ƙwararrun jami'ai 'yan ƙasa. Cikakkun ma'aikatan nan su ke da asusun fansho na Majalisar da kotunta ta cikin gida. Amma ɗimbin waɗanda muke gani a fili ba sa cikinsu, suna kan takardu irin su SSA, NPSA ko LICA, ko kuma 'yan sa-kai ne na UNV da ake ba kuɗin ɗawainiya maimakon albashi. Wasu daga cikin takardun nan na da inshorar lafiya da hutu, don haka a karanta a gani. Abin lura shi ne Majalisar tana da kariya daga shari'a a kotunan ƙasa. Ma'aikacin ƙungiya mai zaman kanta da aka zalunta zai iya zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Wanda ke kan irin waɗancan takardu, yawanci sulhu da sasanci ne kaɗai hanyarsa, yadda takardar ta tsara.

Ko takardar shekara ɗayan ma kada a ɗauke ta kamar aikin gwamnati. Kusan kowacce tana da sharaɗin cewa aikin ya dogara da samuwar kuɗi daga mai bayarwa, kuma babu alkawarin sabuntawa. Mun ga ma'anar wannan layin a Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, ayyukan USAID suka tsaya cak. Mutane masu sauran watanni a takarda suka wayi gari a gida. Abin da ya bambanta su a lokacin shi ne tsawon notis da kuɗin sallamar da takardar kowa ta tanada. Shi ya sa nake jin takaici idan na ga malamin makaranta ko nas ya ajiye aikin gwamnati mai fansho saboda kwantiragin wata 6. Kowa ya san ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. A fara neman hutu ba albashi, in an bayar a tafi da ƙafa ɗaya a gida.

Ranar da aka turo maka takarda, ka roƙi kwana ɗaya ko biyu ka karanta, babu ƙungiyar kirki da za ta janye tayi saboda haka. Ka tambayi ofishin ma'aikata ko kuɗin da aka rubuta kafin cire haraji ne ko bayansa, inshorar asibiti ta haɗa da mata da yara ko kai kaɗai ne, notis kwana nawa ne daga kowane ɓangare, kuma wane wata tallafin da ke biyan kujerarka zai ƙare. Wannan ta ƙarshen mutane na jin nauyin yin ta, amma ita ce ainihin wa'adinka, ko me aka rubuta a shafin farko. Bayan ka fara aiki da wata biyu ko uku, ka duba asusunka na fansho ka tabbatar kuɗin na shiga, domin ganin an cire a takardar albashi ba ya nufin an tura. In ka ga babu, ka rubuta wa ofishin ma'aikata ta imel, ka ajiye kwafi a wayarka ta kanka, saboda imel ɗin ofis ana rufe shi ranar da aka karɓi katinka.