"Saura uku kacal" ɗin nan ya isa haka nan

Jiya a wani shago cikin babbar kasuwar Katsina na ga abin da ya ɓata min rai wallahi. Wata baiwar Allah tana taya atamfa, yaron shago ya ce mata Hajiya saura turmi uku kacal a irinta, in kika fita kin rasa, har da rantsuwa. Ta ƙirga kuɗi hannunta na rawa ta biya, ko minti goma ba a yi ba ya shiga ciki ya fito da sabon ɗauri na wannan zanen dai, ya fi turmi ashirin.

Matasa 'yan uwana masu saye da sayarwa, musamman ku na sitatus, don Allah me ya kawo wannan? Kullum yau ce rana ta ƙarshe ta ragi, sati uku ana rana ta ƙarshe. Kullum wani Alhaji na hanya zai kwashe, alhali babu Alhajin. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma Katsina ba ta da girman da matar nan ba za ta ga zanen a jikin mutum biyar a gidan biki ba. Ranar da kayanka suka kusa ƙarewa da gaske ka faɗa, wa zai yarda? Balle hoton da ake gogewa da filta har launi ya canza, wannan ma zancen wata rana ne. Manzon Allah (SAW) ya gaya mana rantsuwa tana sayar da haja amma tana shafe albarka.

Abin haushin ma, dalilin gaskiya na hannun yaron nan bai ɗauka ba. A ce tsohon sari ya ɗauko a Kantin Kwari kan dubu 12 yana sayarwa 13,500, yanzu dila ya koma dubu 14. Sai ya ce Hajiya ashirin da uku suka rage min a tsohon farashi, in sun ƙare sabon zuwa ba zai gaza 15,500 ba. Ko ya tuna mata in azumi ya yi nisa teloli rufe karɓar ɗinkin sallah suke, ta tambayi nata telan. Wannan magana ce da za ta iya bincikawa ta samu haka ne. In kuɗinta bai cika ba ta ba da kafin alƙalami, a ajiye mata zuwa Juma'a. Amma in ka ce ragi zai ƙare Juma'a, to Asabar farashi ya koma, ko amininka ne ya zo.

Muna yara akwai dattijon da mahaifiyata ke sayen yadi a wajensa, da bakinsa zai ce mata kar ki saya yau, jibi wanda ya fi wannan zai iso. Har ya rasu ba ta taɓa leƙa shagon wani ba. Yanzu ina irinsu, sai yaran da ke rantsuwa da Allah kan ribar dubu ɗaya da ɗari biyar.