Ba Duk Basirar Na'ura Ba Ce Iri Ɗaya

"Tunda na'ura ta doke gwanin dara, ai ta fi mutum basira ke nan?"

A'a. Manhajar AlphaGo da ta doke gwani Lee Sedol a wasan Go, wani irin dara, a 2016 wasan kawai ta iya. Ka ce ta faɗa maka kuɗin keke daga Kawo zuwa Kasuwar Barci, ba ta da ta cewa. Wannan ita ce ƙuntatacciyar basira.

Gamammiyar basira ita ce wadda za ta koyi kowane aiki kamar mutum, mafificiya kuwa ta zarce gwanaye a kusan komai. Ta ƙarshen nan hasashe ce har yanzu.

In aka cakuɗa su a muhawara, sai a ɓige da tsoron mutum-mutumi, a bar tambayar wa zai ɗauki alhaki idan manhajar tantance fuska ta nuna marar laifi.