Cacar "wa zai ci Firimiya": lissafin da ake ɓoyewa a bayan manyan lambobi

Duk watan Agusta, kafin a buga wasan farko, za ka ji samari a gidajen kallon ƙwallo suna cika baki cewa sun riga sun zuba kuɗi a kan ƙungiyar da za ta ɗauki kofi. Wasu ma gani suke wannan ce cacar masu hankali, tunda ba ta wasa ɗaya ba ce da alƙali zai iya ɓata ta da fenareti. Hukuncin caca a addini sananne ne, malamai sun yi bayaninsa, ba shi zan maimaita ba. Ni lissafi zan yi, domin a ganina wannan kasuwar da ake rubuta wa Outright a manhajoji tana cikin mafi tsadar abin da kamfanonin caca ke sayarwa, kuma tsadar hawa biyu ce.

Kowace lambar da aka rubuta a gaban ƙungiya, wadda 'yan caca ke kira od, tana ɗauke da hasashe a cikinta. Raba 100 da lambar, abin da ya fito shi ne kason yiwuwar da kamfani ya sayar maka. Od 2.00 na nufin kashi 50 cikin 100, od 4.00 kashi 25. Da a ce ciniki ne na gaskiya, idan ka tara kason duk abin da zai iya faruwa sai ya tashi 100 cif. Ba ya taɓa tashi haka. Kullum da ɗoriya a kai, kuma wannan ɗoriyar ita ce la'adar kamfani.

A wasa ɗaya abu uku ne kacal: gida ta ci, baƙi su ci, ko canjaras. Mu ƙaddara an sa 2.10 da 3.60 da 3.40. Kasonsu 47.6 da 27.8 da 29.4, jimla wajen 105. La'adar biyar ke nan.

Yanzu mu koma kofin Firimiya mai ƙungiyoyi 20, da lambobin da na tsara don misali, masu kama da waɗanda ake gani. Ta gaba-gaba 2.00, wato kashi 50. Ta biyu 3.50, kashi 28.6. Sai 6.00 da 11.00 da 17.00 da 26.00, waɗanda kasonsu ya haɗu ya ba da 35.5. Tun a ƙungiyoyi shida mun kai 114, ga sha huɗu ba mu taɓa ba. A ba huɗu daga ciki 51.00 kowacce, sauran goman 201.00, an ƙara kusan 13. Jimla 127. Ma'anarsa a kuɗi ita ce, wanda ya so ya saye duka ƙungiyoyin yadda ko wace ce ta ci zai karɓi naira dubu 100, sai ya zuba dubu 127. Fiye da ɗaya bisa biyar na kuɗinsa ya tafi tun ba a take leda ba.

Me ya sa yawan 'yan takara ke kumbura la'ada? Saboda kowane suna a jerin ƙofa ce ta yanka, kuma an fi yanka a can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Idan aka rage od ɗin babbar ƙungiya daga 2.00 zuwa 1.80, kowa zai lura ya koma wani kamfanin. Amma ƙungiyar da yanzu ta hauro daga ƙaramar gasa, wadda da ƙyar damarta ta kai ɗaya cikin dubu, ko an ba ta 201.00 mutum zai ga lamba ce babba ya yi murna, bai san an biya shi ɗaya bisa biyar na haƙƙinsa ba. Wane ne zai iya bambance ɗaya cikin ɗari biyu da ɗaya cikin dubu da ido? Shi ya sa kasuwar wanda zai fi zura ƙwallaye, mai sunaye da dama, ta kan fi ta kofi muni. Kamfani kuma yana da uzurinsa: wata tara lokaci ne mai tsawo, akwai rauni, akwai cinikin 'yan wasa na Janairu, akwai korar koci, har da zaftare maki irin wanda aka yi wa Everton da Nottingham Forest a kakar 2023/24. Duk wannan rashin tabbas, kai mai zuba kuɗi ake caja.

Na san za a kawo mini Leicester City. Gaskiya ne, a kakar 2015/16 an ba ta 5000 a kan 1, kuma Claudio Ranieri ya kai ta ta ɗauki kofin da maki 81. To amma sau ɗaya hakan ya faru tun da aka fara Firimiya a 1992, kuma babu tallar da ta kai labarin amfani ga kamfanonin.

Hawa na biyu, wanda ba na jin ana maganarsa ko kaɗan, shi ne ɗaure kuɗi. Ɗan kasuwar Dawanau da ya sayi masara da kaka ya kulle a sito har bazara ya san jira ba kyauta ba ne, dole farashin da zai sayar ya biya shi watannin da jarinsa ya kwanta. Mai cacar kofi yana kulle kuɗinsa daga Agusta zuwa Mayu, kamfani na riƙe da su, ba a ƙara masa ko kwabo don jiran. A Ingila, inda farashin kaya ba ya gudu sosai, asarar kaɗan ce. A Najeriya kuwa, inda hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, maganar ta sha bamban.

Ka zuba dubu 50 a kan ƙungiyar nan mai 3.50. In ta ci, dubu 175 za a ba ka a watan Mayu. Idan farashi na hawa da kashi 30 a shekara, a wata tara ya hau da kusan 22, don haka dubu 175 ɗin nan abin da za su saya bai wuce na dubu 144 na watan Agusta ba. Od ɗinka na haƙiƙa ya sauko ƙasa da 2.90. Kafin cinikin ya zama babu ci babu asara, sai damar ƙungiyar ta kai kusan kashi 35, alhali in an cire la'ada, ko an yi mata adalci, da wuya ta wuce 25. Kashi 25 na dubu 144 kuwa dubu 36 ne. Abin da ka saya a dubu 50 ke nan.

Akwai hujja ɗaya da zan amsa wa masu wannan caca. Wanda ke juya dubu 50 ɗin nan kowane mako, ana yankar masa biyar-biyar har zagaye 38, a ƙarshe ya fi asara nesa ba kusa ba, balle mai jera wasa goma a tikiti ɗaya. Amma wannan zai zama kariya ne kawai ga wanda ya zuba sau ɗaya ya kama bakinsa har Mayu. Yawancin waɗanda na sani suna da tikitin kofi a ajiye, suna kuma buga na mako-mako.

Sai maɓallin Cash Out, wato na karɓar kuɗi a rufe tikiti kafin gasa ta ƙare, wanda ake nuna wa mutane a matsayin mafita. Ka ce a watan Janairu ƙungiyarka ta hau saman tebur, od ɗinta ya sauko 1.75. Bisa wannan farashin tikitinka ya kai dubu 100, wato 175 a raba da 1.75. Abin da za a miƙo maka yawanci ƙasa da haka ne, domin ana sake cire wata la'adar a wurin fita. Ga yadda za ka gane da kanka: raba abin da tikitin zai biya da od ɗin ƙungiyar na ranar, ka kwatanta da abin da ke kan maɓallin. Kuma a daidai lokacin da ka fi son fita, kamar ana tsakiyar wasa ko labarin raunin babban ɗan wasa ya ɓullo, kamfani na iya dakatar da maɓallin, sharuɗɗan da ka amince da su ranar buɗe asusu sun ba shi wannan damar.