Zalunci mugu ne don an hana shi, ko an hana shi ne don mugu ne?

A shekara ta 399 kafin Miladiyya, a bakin wata kotu da ke birnin Atina na ƙasar Girka, masanin falsafa Sukurat ya ci karo da wani mutum mai suna Yutifuro. Sukurat ya zo amsa tuhumar raina alloli da ɓata tarbiyyar matasa, tuhumar da ta kai shi ga hukuncin kisa. Shi kuwa Yutifuro ƙarar mahaifinsa ya kawo. Wani ɗan ƙodago a gonarsu da ke tsibirin Naksos ya bugu ya kashe bawan gidan, sai uban ya ɗaure shi hannu da ƙafa, ya jefa shi cikin rami, ya aika Atina a tambayo masa hukuncin addini. Kafin ɗan aike ya dawo, yunwa da sanyi da ɗauri sun gama da mutumin. Dangi suka ce ɗa ya kai uba ƙara saɓon alloli ne, shi kuma ya ce ƙyale kisan shi ne saɓon.

Aflatun, almajirin Sukurat, ne ya rubuta hirar tasu. Da Yutifuro ya ce aikin ƙwarai shi ne abin da dukkan alloli ke so, sai Sukurat ya yi masa tambayar da har yau ba ta tsufa ba: alloli suna son aikin ne saboda na ƙwarai ne, ko kuwa ya zama na ƙwarai ne saboda suna son sa? Aka yi ta zagaye, a ƙarshe Yutifuro ya ce yana sauri, ya tafi bai ba da amsa ba.

Wani zai ce wannan rigimar masu bautar gumaka ce, allolinsu da yawa, suna faɗa da junansu, ina ruwan mai tauhidi? Amma tauhidi bai kashe tambayar ba, ƙara mata kaifi ma ya yi. In ka ce umarnin Allah kaɗai ke sa abu ya zama mai kyau, to da ya yi umarni da cin amana, da cin amana ta zama ibada ke nan, kuma faɗin "Allah mai adalci ne" bai wuce faɗin cewa yana yin abin da ya ga dama ba. In kuma ka ce yana umarni ne don abin mai kyau ne tun asali, sai a tambaye ka: ashe akwai wani ma'auni a sama da Allah wanda shi ma yake bi?

Malaman Musulunci sun yi wannan muhawara da kansu, daga cikin Alƙur'ani da tunaninsu, kuma ta yi zafi a Basra da Bagadaza. Mu'utazilawa, waɗanda Alƙali Abduljabbar (ya rasu 1025) ya tattara hujjojinsu, sun ce hankali na gane munin zalunci da kyawun gode wa wanda ya yi maka alheri tun kafin wahayi. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce wannan: in ba a san ƙarya mummuna ce ba sai da wahayi, da me za a san cewa Allah ba zai ba maƙaryaci mu'ujiza ba? Dole mutum ya fara yarda cewa yaudara ba ta dace da Allah ba kafin ya gaskata kowane manzo. Abul Hasan al-Ash'ari kuwa, wanda ya yi shekaru a cikinsu a hannun malaminsa al-Jubba'i kafin ya bar su, ya kafa wata hanyar. Zalunci, in ji mabiyansa, shi ne taɓa abin da ba naka ba ko ƙetare dokar wanda ke sama da kai. Komai na Allah ne, babu kuma kowa sama da shi, don haka babu mai wajabta masa wani abu. Wannan ce aƙidar da ta daɗe tana yawo a zaurukan karatu na ƙasar Hausa tare da fiƙihun Malikiyya, shi ya sa zancen ba baƙo ba ne a wajenmu.

Ni ina ganin aikin yana da kyau ko muni a kansa, umarni da hani suna zuwa ne daidai da wannan. Misali ɗaya ya ishe ni, kuma zan tsaya a kansa.

A Jahiliyya wasu Larabawa kan binne 'ya mace da ranta, don tsoron talauci ko gudun abin kunya. Ɗauki uban da ya haƙa ramin shekara ashirin kafin a aiko Annabi (SAW). Babu ayar da ta same shi, babu manzon da ya yi masa gargaɗi. Akwai tambayoyi uku a kansa, kuma yawancin ruɗanin yana zuwa ne daga cakuɗa su. Shin abin da ya yi mummuna ne a ranar da ya yi shi? Shin zai iya gane haka da hankalinsa? Shin za a azabtar da shi a kai? Ta ukun Alƙur'ani ya ɗora ƙa'idarta a Suratul Isra'i, aya ta 15, cewa ba a azabtarwa sai an aiko manzo, malamai kuma sun yi dogon bayani kan mutanen da suka rayu tsakanin annabawa. Wannan na bar wa Mai shi. Amma ta farko da ta biyu fa? Suratut Takwir ta ce za a tambayi wadda aka binne, da wane laifi aka kashe ta. Tambayar ba ta da ma'ana sai in kashe marar laifi ya riga ya zama abin ƙi a wajen mai sauraro. Suratun Nahli ta zana uban da aka yi wa albishir da 'ya, fuskarsa ta yi baƙi, yana ɓoye wa mutane, yana wasiwasin ya riƙe ta a wulaƙance ko ya turbuɗe ta cikin ƙasa, sannan ta ce hukuncin da suke yankewa ya munana. An kira shi mummuna ne kan abin da suke yi tun kafin hanin ya iso gare su. Har a cikinsu an sami wanda ya gane: ana ba da labarin Zaidu ɗan Amru, wanda ya rasu kafin aike, yana karɓar irin waɗannan yara daga iyayensu ya raine su.

Sai kuma ayar da a ganina ta fi kowace bayyana, ta 28 a Suratul A'arafi. Mushirikai in sun aikata alfasha sukan ce haka suka sami iyayensu, kuma Allah ne ya umarce su. Aka ce a gaya musu Allah ba ya umarni da alfasha. Da alfasha ba ta nufin komai sai "abin da Allah ya hana", da ayar tana cewa ne kawai Allah ba ya umarni da abin da ya hana, wanda ba raddi ba ne ga kowa. Raddin yana tsayawa ne don alfasha abu ce da ake gane ta, har a yi hujja da muninta a ce wannan ba daga Allah ya fito ba.

Ba zan yi wa Ash'ariyya rashin adalci ba, domin amsarsu tana da nauyi. Manyansu sun yarda hankali na gane abin da ke cika ko tawaya, da abin da rai ke so ko yake ƙi; inda suka tsaya shi ne lada da azaba. Imam Gazali (ya rasu 1111) ya ƙara da wani abin lura. Mutum ya ga wani zai halaka ya cece shi ba mai kallo, sai a ce ga shaida hankali ya gane kyawun ceto. Gazali ya ce a'a, tausayi ne ya motsa shi don ya hango kansa a wannan hali, ga kuma sabon da ya yi na haɗa ceto da yabo. Gargaɗin gaskiya ne. Abubuwa da yawa da muke rantsuwa hankali ne ya nuna mana, al'ada ce kawai ko son zuciya, kuma uban da ya binne 'yarsa shi ma yana ganin mutunci yake karewa. Sai dai bayanin abin da ya tura mutum ya yi ceto bai nuna ceton ba shi da kyau a kansa ba. Kuma kuskuren hankali a wasu wurare dalili ne na buƙatar wahayi ya gyara shi, ba dalili ba ne na cewa babu abin da hankalin ke gani.

To ma'aunin da ke sama da Allah fa? Babu shi. Adalci da hikima da rahama siffofinsa ne, ba wata doka ba ce da aka rataya masa daga waje. Umarninsa yana fitowa ne daga yadda yake, halittar ma shi ya tsara ta yadda gaskiya ke gina amana, ƙarya ke rusa ta. A hadisin ƙudusi da Muslim ya ruwaito daga Abu Zarri, Allah ya ce ya haramta wa kansa zalunci kuma ya sanya shi haramun a tsakaninmu. Ba wani ne ya haramta masa ba, shi ya haramta wa kansa, kuma ba a yabon mai barin abin da ba shi da ma'ana a haƙƙinsa. Kusan nan Maturidiyya, mabiya Imam Maturidi, suka tsaya, nan kuma Ibn Taimiyya (ya rasu 1328) ya tsaya: muni yana nan kafin manzo, azaba ce ke jiran manzo.

Wannan matsayi yana da iyaka, kuma dole a faɗe ta. Hankali ba zai gano maka cewa Magariba raka'a 3 ce, Asuba 2 ba. An fuskanci Baitul Maƙdis wata 16 ko 17 a Madina, sannan aka juya zuwa Ka'aba, kuma kowace fuskanta daidai ce a lokacinta saboda umarni. A irin wannan, umarnin ne ya keɓe aikin, kyawunsa kuma yana komawa ga biyayya ga wanda ya cancanci a bi. Mafi wuya shi ne umarnin da aka yi wa Annabi Ibrahim (AS) na yanka ɗansa. Amma a duba: ya zama jarrabawa ne don yanka ɗa abu ne mai girman gaske, da ba haka ba da babu abin gwadawa. Yankan kuma bai auku ba, an fanshi yaron. Wanda aka umarta annabi ne mai wahayi tabbatacce, ƙofar da aka riga aka rufe.

Abin da ya sa nake damuwa da wannan muhawara ke nan. A yau ba wanda ke jin umarnin Allah kai tsaye. Abin da ke iso mana shi ne nassi da fassarar mutane a kansa. A watan Fabrairun 2014 an shiga makarantar kwana ta Buni Yadi a Jihar Yobe da dare aka kashe ɗalibai a ɗakunan kwanansu, kuma makasan suna da'awar aikin Allah suke yi. Yaron da aka koya wa cewa kyau da muni ba su da wata alama sai kalmar "an umarta", in ya faɗa hannun mai iya jero ayoyi ba a muhallinsu ba, da me zai kare kansa? Wanda kuwa aka koya wa cewa Allah ba ya umarni da alfasha, ko bai iya warware shubuhar a nan take ba, yana da dalilin da zai ja da baya, ya tuhumi mai fassarar, ya je ya tambayi malamin da ya fi shi sani kafin ya ɗauki makami.