Ribar canji ta gaskiya tana cikin rasit, ba a bakin 'yan uwa ba

Duk wanda ke aiki a Saudiyya yana turo kuɗi Najeriya ya sha jin 'yan uwa na cewa ai shi shekarar 2024 ta yi wa daɗi, tunda Naira ta faɗi. Akwai gaskiya a ciki, amma lissafin da akasari ake yi gurgu ne: a ɗauki farashin Janairu, a ɗauki na Disamba, a ce bambancin shi ne riba.

Riyal a ɗaure yake da Dala, 3.75 kan kowace Dala, saboda haka duk motsin na Naira ne. A farkon Janairu Dala tana wajen Naira 900 a kasuwar hukuma, wato Riyal ɗaya Naira 240. A Fabrairu Riyal ya kai wajen 400, ya sauko kusan 300 a Afrilu, ya rufe shekara a wajen 410. Mai duba farko da ƙarshe zai ce an samu ƙarin kashi 71 cikin ɗari.

To, a ƙaddara direba ya turo Riyal 1,000 a Janairu, 1,000 a Fabrairu, 3,000 a Afrilu saboda hidimar ƙaramar Sallah, sai 1,000 a Disamba. Gida sun karɓi Naira 240,000, da 400,000, da 900,000, da 410,000. Jimla 1,950,000 ke nan kan Riyal 6,000. A raba, kowane Riyal ya zo a 325. Da farashin Janairu ya tsaya cak, da 1,440,000 za su samu. Ashe abin da canji ya ƙara 510,000 ne, kashi 35, rabin abin da ake yayatawa, domin rabin kuɗinsa ya shigo ne a watan da Naira ta farfaɗo. Shi ya sa yawan abin da aka tura kowane wata sai ya shiga lissafi.

Ladan aike ma a haɗa. In ana cajin Riyal 20 duk tafiya, da 6,080 za a raba, farashin ya koma 321. Kuma a yi aiki da farashin da ke kan rasit, ba wanda aka ji a kasuwar 'yan canji ta Wapa a Kano ba, domin kamfanin aike yakan cire nasa tun a cikin farashin.

Saura tsadar kaya, inda na ga an fi zaluntar mai turowa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. A raba 410,000 ɗin Disamba da 1.348, za a ga abin da take saye bai wuce na 304,000 a Disambar 2023 ba. Sai dai kada a ɗora wannan adadi kan kuɗin Afrilu, wanda tsadar wata huɗu kawai ta taɓa. Kowane aike da ma'aunin watansa.