Ci biyu da nema: tsawa ba ta farke ƙwallo

Duk lokacin da aka tafi hutun rabin lokaci an zura wa ƙungiya biyu ba ta farke ko ɗaya ba, sai ka ji magoya baya suna cewa koci ya shiga ya wanke 'yan wasan nan tas. Ni ban yarda ba. Wanda ya sha gudu minti 45 ya san ana cin su, ba sai an tuna masa ba. Abin da bai gani ba shi ne ta inda ɓarakar take, domin shi yana cikin fili, koci ne ke kallo daga gefe.

Kuma lokacin ba shi da yawa. Hutun ba ya wuce minti 15. Cire tafiya zuwa ɗakin sauya kaya da dawowa, cire shan ruwa da duba masu ciwo, abin da ya rage wa koci kaɗan ne. Idan ya ƙarar da shi wajen zagi, da wane zai yi gyara?

Ku tuna Tottenham a gidan Ajax, wasan kusa da na ƙarshe na gasar zakarun Turai a 2019. De Ligt da Ziyech sun ci wa Ajax kafin hutu, ga kuma ɗaya da Ajax ta ci a wasan farko a Landan. Matsalar a fili take: da Tottenham ta fara buga ƙwallo daga baya sai yaran Ajax su yi mata rubdugu su ƙwace. Kocin Tottenham na lokacin, Pochettino, ya cire Wanyama, ɗan tsakiya mai tare gida, ya sa Llorente, dogon ɗan gaba. Saƙon kowa zai gane shi: a daina bi ta tsakiya, a ɗaga masa sama, ya sauke wa masu gudu. Lucas Moura ya ci wa Tottenham a minti na 55 da na 59. Ta ukun, a daƙiƙun ƙarshe, doguwar ƙwallo ce Llorente ya sauke, Dele Alli ya tura, Moura ya ƙarasa.

Kar a ce ban faɗa ba, canjin nan caca ne. Cire mai tare gida ya buɗe tsakiya, har Ziyech ya bugi turke, saura ƙiris labari ya sha bamban. Shi ya sa nake ganin kocin kirki ba zai ce a je a nemo biyu ba. Ɗaya zai nema, cikin minti 15 na farko, 'yan baya kuma kowa ya tsaya a wurinsa, don ta uku in ta shiga an gama.

In kana so ka san ko an yi magana mai amfani a ɗakin nan, duba minti biyar na farko bayan an dawo. Idan wani ya sauya wurin tsayawa, ko ƙwallo ta sauya hanya, an yi gyara. Idan kuwa gudu kawai ya ƙaru da keta da katin gargaɗi, to faɗa aka sha.