Kafin ka naɗa wa Inna bidiyon koyon waya, zauna ka rubuta abin da za ka faɗa

'Yan'uwana matasa, akwai wata ɗabi'a da ya kamata mu bari. Mu sayo wa tsoho babbar waya daga birni, mu buɗe masa WhatsApp a tsaitsaye ranar da za mu koma, yatsanmu na gudu a kan sikirin muna cewa "ka ga nan, sai nan, shi ke nan". Bayan kwana uku ya kira ya ce abin ya ɓace masa, mu kuma mu ɗaga masa murya. Wannan rashin ladabi ne, kuma laifin na mai koyarwa ne. Wanda ya san lissafin buhunan riɗi da ka, ya riƙe izu-izu na Alƙur'ani a zuciya, ba dannawa uku ce za ta gagare shi ba in an nuna masa a natse. Bidiyon fuskar waya yana maganin wannan, domin zai maimaita darasin sau goma ba tare da ya ƙosa ba. Amma sai in an tsara shi.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Inna tana wani ƙauye a gefen Ringim, autanta yana aiki a Legas. Ba ta karanta boko, wayarta itel ce, abin da take so kawai ta aika masa da saƙon murya. To bidiyon nan ya tsaya a kan wannan kaɗai. Kada ka haɗa da tura hoto, kada ka ce bari in ƙara mata kiran bidiyo tunda an fara. Kowane aiki da nasa bidiyon, kuma kada ya wuce minti ɗaya da rabi. Dalili shi ne a wayar da take kallon darasin, a nan za ta gwada. Dole ta kalla, ta rufe, sannan ta yi da abin da ta riƙe. Dogon bidiyo kafin ya ƙare farkonsa ya zube.

A wayarta za ka naɗa, kada ka naɗa a taka. Taka Infinix ce ko Samsung, ka mayar da fuskarta baƙa, alamominka a jere daban. In ta ga abin da bai yi kama da wanda ke hannunta ba, za ta ce ba irin tata ba ce, kuma ta yi gaskiya. Naɗa a tata yana da wata riba kuma: bidiyon yana cikin wayar tun farko, ba a ƙona data wajen turawa ba.

Kafin ka taɓa naɗa, rage mata tafiyar. Shiga hirarta da autan, danna ɗigo uku na sama, ka zaɓi More, sannan Add shortcut. Hotonsa zai fito a fuskar waya, dannawa ɗaya ta kai ta cikin hirar. Ka kwashe tarkacen alamomin da ke kewaye da shi, ka ƙara girman rubutu a Font size da ke cikin Settings. Wannan gajeriyar hanya ta kuma rufa asiri, domin bidiyon ba zai bi ta jerin hirarrakinta ba, inda sunayen mutane da maganganun gida suke a fili. Ka tuna bidiyo irin wannan yawo yake yi. Gobe maƙwabciya za ta ce a tura mata ita ma ta koya. Sai ka kunna Do Not Disturb don kada wani saƙo ya faɗo daga sama ana tsakiyar ɗauka. Kuma ka aika saƙon gwaji ɗaya tukuna, saboda a karon farko waya takan tambayi izinin amfani da makirfo, kada tambayar ta tare ka a cikin bidiyo.

Tun daga Android 11 da ya fito a 2020, abin naɗar yana cikin waya. Ja fuskar daga sama zuwa ƙasa sau biyu, ka nemi Screen record, ko wani suna makusancin haka a wayoyin Tecno da itel. Abu biyu za ka tabbatar a ciki. Sautin ya kasance a kan Microphone, don muryarka ta shiga. Sannan ka kunna Show touches on screen, wanda ke nuna ɗan ɗigo a duk inda yatsa ya taɓa. Yawancin bidiyon da samari ke yi a nan suke mutuwa. Bidiyon sikirin ba ya nuna hannu, abubuwa ne kawai ke buɗewa da kansu, mai kallo bai san me aka taɓa ba. In wayar ba ta da wannan zaɓi, shiga About phone, danna Build number sau 7, sai Developer options ya bayyana, a ciki ka kunna Show taps. Ko da ɗigon ma, ƙarami ne kuma yana da haske, idon tsohuwa zai iya tsallake shi. Shi ya sa baki ne zai yi aikin yatsa.

A nan rubutu ya zama dole. Ɗauki takarda ka raba ta biyu, gefe guda abin da za ka faɗa, ɗaya gefen abin da hannunka zai yi. Ƙa'idar ita ce ka faɗa tukuna, ka yi shiru kamar daƙiƙa uku, sannan ka danna. Wanda bai rubuta ba yakan danna kafin ya yi magana, ya riƙa cewa "nan" da "can" da "wancan abin". Ka kori kalmomin nan. Kowane abu ka faɗi launinsa, siffarsa da kusurwar da yake. Ka kori Turanci ma, ba ruwanta da sunan maɓalli. Ga yadda na Inna zai kasance, tare da aikin hannu a tsakani.

"Assalamu alaikum Inna. Wannan hoto ne mai motsi, kallo kawai za ki yi, kada ki taɓa. Ajiye wayar a cinyarki ki saurara."

Kada ka raina wannan jimlar. Bidiyon yana cika fuskar waya, ya yi kama da wayar kanta sak. Tsofaffi da yawa suna kai yatsa su danna koren maɓallin da ke cikin bidiyon, sai ya tsaya, su ɗauka sun ɓata wani abu.

"Ga hoton autanki nan a tsakiya. Zan taɓa shi sau ɗaya in ɗauke hannu." Shiru, sannan ka taɓa.

"Yanzu dubi can ƙasa, ta hannunki na cin tuwo. Akwai wani kore zagayayye. Zan ɗora yatsa a kansa, ba zan ɗaga ba sai na gama magana. In na ɗaga, saƙon ya tafi." Shiru, sannan ka danne, ka yi gajeriyar gaisuwa irin wadda ita za ta yi: "Salamu alaikum, ya aiki, ya yara? Muna lafiya, ruwa ya sauka." Sai ka saki.

"Kin ga ya hau sama. Dubi ƙarƙashinsa. In kin ga ɗan agogo, bai tafi ba, sabis ne babu, ki bar shi zai tafi da kansa. Alama ɗaya, ya bar wayarki. Alama biyu, ya isa wayarsa. To yanzu ki rufe wannan ki gwada. Allah ya ba da sa'a."

Iyakarsa ke nan. Maganar agogon nan ta fi ƙarfin a tsallake ta a ƙauyukanmu, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. In ba a gaya mata ba, za ta aika saƙo ɗaya sau shida, ko ta yanke cewa wayar ta lalace.

Akwai wata matsala da za ta iya cin ka a daidai wannan darasin. Abin naɗar yana riƙe da makirfo, WhatsApp ma yana son makirfon idan ka danne kore. A wayoyi da yawa ba sa iya rabawa, ɗaya zai sami shiru. Ka yi gwajin daƙiƙa goma ka saurara kafin ka ɗauki na gaske. In muryarka ce ke ɗaukewa a bidiyon lokacin da yatsa ke kan kore, da sauƙi, tunda ka riga ka yi bayani kafin ka danna, sai dai ka tabbatar ta dawo bayan ka saki. In abin ya ƙi gaba ɗaya, hanya biyu ce. Ko ka naɗa ba murya ka ɗora ta daga baya da manhajar gyaran bidiyo, ko ka ajiye wayar Inna a tabarma, wani ya tsaya da wata wayar ya ɗauki hannunka daga sama. Ni a ganina wannan ta biyun takan fi wa tsoho, domin yana ganin yatsa na gaske yana danne abu bai ɗaga ba. Ka zaɓi inuwa don kada haske ya kashe fuskar wayar, ka kuma kauce wa lokacin da injin markaɗe ke aiki.

Kurakuran da za ta yi sanannu ne, ka tanadar musu ɗan bidiyo na biyu daban. Za ta ɗaga yatsa da wuri, saƙon ya tafi da rabin sallama. Yatsan zai zame hagu, abin da ta faɗa ya goge. Ko ya zame sama, naɗar ta kulle tana ci gaba, ta saki hannu ba abin da ya tafi har sai ta taɓa kibiyar aikawa. Wanda ya fi rikita su shi ne harafi ɗaya ya shiga gurbin rubutu bisa kuskure, nan take makirfon ya koma kibiya, ta neme shi ta rasa. Nuna mata yadda ake goge harafin ya dawo. Sannan lokacin hunturu yatsan da ya bushe ya yi kaushi ba kullum sikirin ke jin sa ba. Ta taɓa da tsokar yatsa, ta bar farce.

In wata rana ka so yin irin wannan a kan manhajar banki, ka sani da yawansu suna toshe naɗa, baƙi kawai za ka gani. Ko ta bari, lambar sirri ba ta shiga bidiyo ko da wasa. Haka lambobi 6 da WhatsApp ke turowa ta tes, ka gaya mata baki da baki cewa ba a karanta wa kowa su, ko da ya ce shi jikanta ne.

Kada ka kama hanya sai ka gwada aikinka. Nuna mata inda bidiyon yake da yadda ake kunna shi, wannan kam da hannu ake koyar da shi, a maimaita har ya zauna. Daga nan miƙa mata wayar, ka naɗe hannunka, ka yi shiru komai daɗewar da ta yi. Inda ta tsaya tana dube-dube, jimlar wurin ce ba ta fita ba. Koma kan takardarka ka gyara ta, ka sake ɗauka. Ka kuma tura kwafi ta Xender ko Bluetooth zuwa wayar wani ƙani da ke zaune a gidan, saboda ta riƙa kallo a tasa tana yi a tata, kuma in an sabunta WhatsApp wani maɓalli ya canza wuri, shi ne zai fara gani ya sanar da kai a sake naɗa.